Wasiƙar neman a girka manhajar lissafin kuɗi a kwamfutoci biyar: me ya kamata ta ƙunsa?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum. Ni ce manajar ofis a wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Kano, kuma ina neman shawararku a kan wata wasiƙa da zan aika wa injiniyan da yake kula mana da kwamfutoci. Shugaban kamfani ba ya amincewa a biya kuɗin kowane aiki sai an nema a rubuce, shi ya sa nake so wasiƙar ta fita daidai. Ga abin da na rubuta:

"Zuwa ga Injiniya. Bayan gaisuwa, muna roƙon ka zo ofishinmu ranar Asabar mai zuwa domin ka girka mana manhajar QuickBooks a kwamfutoci guda 5, wato ta akanta, ta kashiya, ta mai kula da sito, ta sashen ciniki da kuma tawa. Muna so ka aiko mana da farashin aikin kafin ranar. Mun gode."

A halin yanzu manhajar tana kan kwamfutar akanta kaɗai, kuma shi ne yake shigar da komai da yamma daga takardun da sauran ma'aikata suke kai masa. Shin akwai abin da ya kamata in ƙara?

Malam Tijjani:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A ganina wasiƙar tana buƙatar adireshin kamfani a sama, da kwanan wata, da lambar wasiƙa, da kanun magana a tsakiya, sannan a rufe da cikakken suna da muƙami da sa hannu. Idan aka yi haka ta zama takardar ofis da za a iya ajiye ta a fayil a kuma kafa hujja da ita.

Hajiya Rabi:
Na gode, Malam. Duk waɗannan suna nan a kan takarda mai tambarin kamfani, cire su na yi kafin in kawo ta nan. Tambayata a kan gundarin maganar take, wato ko injiniya zai fahimci abin da muke so daga waɗannan layuka.

Injiniya Bashir:
Hajiya, irin wannan aiki shi ne sana'ata, kuma da ni aka aiko wa wannan wasiƙa da sai na kira ki kafin in faɗi farashi, domin jimlar da kika rubuta tana ɗaukar ma'ana biyu waɗanda aikinsu da kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ma'ana ta farko ita ce a sanya manhajar a kowace kwamfuta, ta buɗe, a tafi. Wannan aiki ne mai sauƙi da za a gama kafin azahar. Ma'ana ta biyu ita ce mutum biyar su riƙa aiki a lokaci guda a cikin fayil ɗaya na kamfani, ta yadda abin da kashiya ta shigar zai bayyana nan take a gaban akanta. Daga bayanin da kika yi na gane cewa ta biyun kuke so, amma wasiƙar ba ta faɗi haka ba, kuma wanda ya yi muku ta farkon ba za ku iya cewa ya saɓa wa abin da aka rubuta masa ba.

Bari in nuna abin da yake faruwa idan aka yi ta farko. A ce injiniya ya kwafi fayil ɗin kamfani daga kwamfutar akanta ya zuba wa kowa nasa. Ranar Asabar duka biyar ɗin suna nuna abu ɗaya, kowa ya gamsu, a biya shi. Ranar Litinin wani abokin ciniki da ake bin sa naira 1,200,000 ya zo ya biya naira 450,000, kashiya ta shigar a kwamfutarta, bashinsa ya koma naira 750,000 a wurinta. A kwamfutar sashen ciniki har yanzu 1,200,000 ake bin sa, saboda haka za su iya hana shi ɗaukar sabon kaya a kan bashin da ya riga ya rage. Mai sito ya fitar da katan 200 na taliya, amma sashen ciniki yana ganin suna nan, sai ya sake sayar da su ga wani. Lambobin takardun ciniki ma za su riƙa cin karo, domin kowace kwamfuta tana ci gaba da ƙirga daga inda fayil ɗinta ya tsaya. Abin da ya fi muni shi ne manhajar ba ta da hanyar haɗe fayiloli biyu da suka rabu su koma ɗaya. Sai dai a zaɓi guda a ce shi ne na gaskiya, a zauna a sake shigar da duk abin da ke cikin sauran da hannu.

Saboda haka jimlar da ta fi kowace muhimmanci a wasiƙarki ita ce wadda babu ita yanzu: fayil ɗin kamfani zai zauna a kwamfuta ɗaya tak, sauran huɗun kuma su riƙa buɗe shi daga can ta layin sadarwa na cikin ofis.

Aminu:
Ina ganin akwai hanya mafi sauƙi da ba ta buƙatar jan waya a ofis. A ajiye fayil ɗin a cikin Google Drive ko Dropbox, a sanya wannan folda a kwamfutocin duka, shi ke nan kowa yana ganin abu ɗaya, kuma ga shi an samu kwafin ajiya a waje idan kwamfuta ta lalace.

Injiniya Bashir:
Malam Aminu, rabin maganarka daidai ne, wato batun ajiye kwafi a waje. Amma fayil ɗin da ake aiki a cikinsa ba a sanya shi a irin wannan wuri. Abin da waɗannan manhajoji suke yi shi ne su ajiye wa kowace kwamfuta nata kwafin, sannan su riƙa daidaita su bayan an canza wani abu. Idan mutum biyu suka yi rubutu a lokaci guda, ko dai na ɗaya ya danne na ɗayan, ko kuma a wayi gari da fayil biyu masu suna kusan iri ɗaya. Ka ga an koma matsalar da na bayyana a sama, har da ƙarin haɗarin fayil ɗin ya lalace idan aka kwafe shi ana tsakiyar rubutu a cikinsa. Abin da ya dace a tura can shi ne kwafin ajiya mai ƙarshen suna `.QBB` bayan an gama yin sa. Fayil ɗin aiki mai ƙarshen suna `.QBW` ya zauna a kwamfutar da aka ware masa.

Malama Zainab:
Ni akanta ce, kuma ina so in jawo hankalin Hajiya ga batun lasisi, domin a nan ne na ga ana yawan samun saɓani bayan an gama aiki. Tunda mutum ɗaya ne yake amfani da manhajar a ofishinku, akwai yiwuwar lasisin da kuke da shi na mutum ɗaya ne. Ki sa akanta ya buɗe manhajar ya danna F2, za a ga shafin `Product Information`, inda aka rubuta nau'in manhajar da shekararta da lambar lasisi da adadin mutanen da aka yarda su shiga. Nau'in Pro ba ya wuce mutum 3 a lokaci guda, Premier kuma ba ya wuce 5, kuma ko a Premier ɗin sai an biya kuɗin kowane mutum. Idan Pro kuke da shi, to maganar mutum biyar a lokaci guda ba ta taso ba sai an canza nau'i.

Ya kamata kuma wasiƙar ta faɗi wanda zai sayi ƙarin lasisin. Shawarata ita ce kamfani ya saya da kansa, da sunansa da adireshin imel ɗinsa. Idan aka bar wa injiniya, sai ya yi rajista da imel ɗinsa, ranar da kuka rabu da shi kuma ba ku da ikon sabunta abin da kuka biya. Akwai kuma masu kawo kwafin da aka fasa su ce sun sauƙaƙa muku kuɗi. Littafin kuɗin kamfani ba wurin da za a yi wannan arha ba ne.

Hajiya Rabi:
An duba, Malama. Premier ne, kuma adadin da aka rubuta shi ne 1. Ke nan sai mun ƙara huɗu?

Malama Zainab:
Idan duka biyar za su kasance a ciki a lokaci guda, haka ne. Amma kafin ku tsayar da ranar aiki ki tabbatar daga wurin da kuka sayi lasisin cewa za a iya ƙara mutane a kan shekarar da kuke da ita, domin tun bayan 30 ga Satumba 2024 kamfanin Intuit mai yin manhajar ya daina sayar da sabon rajistar Pro Plus da Premier Plus ga sababbin masu saye a Amurka, kuma tsofaffin shekaru ba a ci gaba da tallafa musu har abada. Amsar da za a ba ki tana iya canza dukan tsarin, don haka a fara da ita kafin a kira injiniya.

Alhaji Garba:
Ni ina da ja a kan inda maganar nan ta nufa. Manaja ba injiniya ba ce. Idan ta cika wasiƙa da sunayen fayiloli da yadda za a ja waya, to ta ɗauki alhakin da ba nata ba, kuma idan abu ya lalace injiniya zai ce ai abin da aka rubuta masa ya bi. A shagunanmu na Kantin Kwari idan za mu kira mai gyara, abin da muke so ya faru muke gaya masa, hanyar yin sa kuma sana'arsa ce. Ta rubuta masa ya zo ya duba ofishin, ya kawo a rubuce abin da ake buƙata da farashinsa, sannan a ba shi aiki.

Injiniya Bashir:
Alhaji, na yarda da kai a kan cewa kada manaja ta koya wa injiniya aikinsa, kuma zuwa a duba kafin a faɗi farashi shi ne daidai. Inda muka bambanta shi ne akwai abubuwan da injiniya ba zai gano su da ido ba, sai ofis ya faɗa. Ba zai san cewa kwamfutar manaja ta hannu ce da take tafiya gida da ita kullum ba. Ba zai san wa aka yarda ya ga albashin ma'aikata ba. Ba zai san ko da ƙarfe nawa ake kashe janareta ba. Waɗannan su ne suke yanke wace kwamfuta za ta riƙe fayil ɗin, kuma wannan zaɓi shi ne ginshiƙin aikin.

Kwamfutar da za ta riƙe fayil dole ta kasance ta tebur wadda ba a ɗauke ta, ita ce farkon kunnawa da safe kuma ƙarshen kashewa da yamma, domin muddin tana kashe babu wanda zai iya aiki. A hana ta yin barci da kanta. A haɗa ta da na'urar ajiyar wuta mai batir, ita da akwatin da wayoyin sadarwa suke haɗuwa a cikinsa, saboda 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta sun isa su yanke rubutu a tsakiya su lalata fayil. Sau da yawa ana sayen batir ga kwamfuta a manta da akwatin, sai wuta ta ɗauke, kwamfutar tana kunne amma sauran huɗun sun rabu da ita. Kuma a ja waya zuwa kowane tebur. Sadarwa marar waya tana isa karanta imel, amma wannan manhaja ba ta jure yankewar da mutum ba ya ma lura da ita.

Hajiya Rabi:
Tawa ta hannu ce kamar yadda ka yi hasashe, Injiniya, kuma sito yana can bayan gini, nesa da sauran ofisoshi. Ta akanta ita ce mafi sabunta a cikinsu.

Injiniya Bashir:
To ki rubuta waɗannan biyun a wasiƙar. Batun sito yana shafar farashi kai tsaye, domin wayar sadarwa ta yau da kullum ba ta wuce mita 100 a ja ɗaya, idan nisan ya fi haka sai an sa wata na'ura a tsakani. Ki kuma rubuta irin Windows da ke kan kowace kwamfuta. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, saboda haka idan akwai masu ita a cikin biyar ɗin, gara a yanke shawara a kansu yanzu.

Ta akanta za ta iya riƙe fayil ɗin idan ya amince ba zai kashe ta ya tafi masallaci ko banki alhali wasu suna aiki ba. A kanta ne za a girka `QuickBooks Database Server Manager`, a nuna masa inda fayil ɗin yake ya bincika, kuma a kanta kaɗai za a kunna karɓar baƙi, wato ba sauran kwamfutocin damar buɗe fayil ɗin daga wurinta. Wannan wuri ne da ake yawan kuskure, kuma ke da kanki za ki iya dubawa. A kowace kwamfuta ki shiga `File` sannan `Utilities`. A ta akanta ya kamata ki ga `Stop Hosting Multi-User Access`, alamar cewa a kunne yake. A sauran huɗun ya kamata ki ga `Host Multi-User Access`, alamar cewa a kashe yake, kuma kada a taɓa shi. Idan aka kunna shi a fiye da ɗaya, za ku fara ganin saƙon kuskure irin su H505. Haka kuma duka biyar ɗin su kasance shekara ɗaya ta manhajar, domin idan sabuwar shekara ta buɗe fayil ta sabunta shi, tsohuwa ba za ta ƙara iya buɗe shi ba.

Usman:
Irin wannan ya same mu a wani ofis da na yi aiki a baya. An haɗa mana komai ranar Asabar yana tafiya lafiya, ranar Litinin da aka kunna wuta sai kwamfutoci uku suka ƙi buɗe fayil, suna nuna H202. Wanda ya yi aikin ya riga ya karɓi kuɗinsa duka, sai da muka yi ta bin sa kafin ya dawo. Har yau ban fahimci abin da ya canza tsakanin Asabar da Litinin ba, tunda babu wanda ya taɓa komai.

Injiniya Bashir:
Malam Usman, H202 yana nufin kwamfutarka tana neman wadda take riƙe da fayil amma ba ta samun amsa. Daga yadda ka bayyana, abin da na fi zato shi ne an haɗa ku da lambar adireshin babbar kwamfutar, kuma ba a tsayar da lambar wuri ɗaya ba, sai da aka kashe wuta aka kunna na'urar raba sadarwa ta ba ta wata sabuwa. Yana kuma iya zama katangar tsaro ta Windows ce ta toshe hanya, ko hidimar da ke raba fayil ɗin ba ta tashi da kanta ba. Gwajin farko mai sauƙi ne. A babbar kwamfutar a buɗe `cmd`, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta:

```
hostname
ipconfig
```

Na farko zai ba da sunanta, na biyu lambarta a layin `IPv4 Address`. Sai a je kwamfutar da ta ƙi buɗewa a rubuta `ping` tare da sunan, sannan a sake tare da lambar. Idan lambar ta amsa amma sunan bai amsa ba, matsalar ta gane suna ce. Idan duka biyu suka amsa amma fayil bai buɗe ba, sai a koma kan katangar tsaro da hidimar raba fayil.

Abin da ya same ku shi ne dalilin da ya sa nake ba Hajiya shawara ta rubuta a wasiƙar yadda za a gane an gama aiki. A buɗe fayil a kwamfutoci biyar a lokaci guda, kowa da sunansa. A shigar da ciniki na gwaji a ɗaya a gan shi a sauran, kuma a yi wannan a kan kwafi don kada a ɓata littafin gaskiya. A kashe komai har da na'urar sadarwa, a sake kunnawa, a ga ko sun haɗu da kansu. A ƙarshe a yi kwafin ajiya, a dawo da shi a wani wuri dabam a buɗe shi, domin sai an buɗe ake sanin yana da amfani.

Malama Zainab:
Ina ƙara abu ɗaya da ya shafi ɓangarena. Kada a bar mutum biyar suna shiga da sunan `Admin`. Kowa a buɗe masa sunansa da kalmar sirrinsa, a kuma iyakance abin da zai gani, domin rahoton `Audit Trail` yana nuna wanda ya shigar ko ya canza kowane ciniki, kuma ba shi da amfani idan kowa suna ɗaya yake ɗauke da shi. Rabon ikon ba aikin injiniya ba ne, shugaban kamfani da akanta ne za su rubuta shi su ba shi. Kafin ya taɓa komai kuma a yi kwafin ajiya a gaban akanta, a buga ma'aunin asusu na ranar a takarda, bayan an gama a sake bugawa a gwada, jimlolin su zo daidai har kwabo.

Hajiya Rabi:
Na gode muku ƙwarai. Ga yadda na sake gundarin wasiƙar, na kuma ɗauki shawarar Alhaji ta a fara zuwa a duba:

"Muna amfani da QuickBooks Desktop Premier a kwamfutar akanta kaɗai, da lasisin mutum 1. Muna so ma'aikata 5 su riƙa aiki a lokaci guda a cikin fayil ɗaya na kamfani, wanda zai zauna a kwamfuta ɗaya a ofis. Huɗu daga cikin kwamfutocin na tebur ne, ɗaya ta hannu ce da ake fita da ita, ta sito kuma tana wani ɓangare na ginin mai nisa. Kamfani ne zai sayi ƙarin lasisi da sunansa. Muna roƙon ka zo ka duba ofishin a cikin wannan mako, ka ba mu a rubuce kayan da ake buƙata da kuɗin aikinka, kowanne dabam. Za a yi aikin ranar da ba a ciniki, bayan an yi kwafin ajiya a gaban akanta. Za mu ɗauka an kammala idan kwamfutocin biyar suka buɗe fayil ɗin tare bayan an kashe komai an sake kunnawa, aka kuma dawo da kwafin ajiya aka buɗe shi. Za a biya rabin kuɗin aiki a ranar, sauran kuma bayan mako guda ana aiki ba tare da matsala ba. Kalmar sirrin Admin za ta kasance a hannun kamfani kaɗai."

Injiniya Bashir:
Wannan wasiƙa zan iya faɗin farashi a kanta bayan dubawa ɗaya. Sai dai ina da magana a kan riƙe rabin kuɗi. Idan injiniyan ne zai sayo waya da sauran kaya, a biya shi kuɗin kayan gaba ɗaya tun farko, abin da za a riƙe ya tsaya a kan ladan aiki. Kuma a fayyace abin da ake nufi da matsala, domin idan wani ya kashe babbar kwamfutar da rana ko ɓera ya ci waya a sito, wannan ba laifin wanda ya girka ba ne. Game da kalmar sirri, zai buƙace ta ranar aiki, sai akanta ya shigar da ita da hannunsa ko a canza ta da zarar an gama.

Alhaji Garba:
A hannun kamfani, amma hannun wa? Idan akanta ne kaɗai ya san ta, shi ne kuma fayil yake kan teburinsa, to mutum ɗaya ya riƙe littafin da mabuɗinsa, kuma wannan bai kwanta mini ba ko da amintacce ne. Da ni ne, shugaban kamfani zan ba wa ita, akanta a buɗe masa nasa sunan kamar kowa.

Malama Zainab:
A ƙa'ida haka ya fi, Alhaji, amma akwai ayyukan da sai da `Admin` ake yin su, kamar buɗe wa sabon ma'aikaci sunan shiga ko canza ikon wani, kuma idan shugaban yana yawan tafiya aiki zai riƙa tsayawa ana jiran sa. Hajiya ce ta san yadda shugabanta yake zama a ofis.

Hajiya Rabi:
Yana yawan zuwa Legas, wani lokaci ya yi mako biyu. Zan kai masa maganar gobe da safe tare da batun lasisin, kuma ba zan aika wasiƙar ba sai na ji daga wurin da muka saya ko za a iya ƙara mutum huɗun a kan shekarar da muke da ita.